Tambayoyi Shida da Muka Yi wa Masu Neman Aikin Fita da Kaya

Ni ne nake riƙe da sito da harkar ma'aikata a wani ɗan kamfanin sari da ke kusa da Kasuwar Singa a Kano. Sabulu muke rabawa, da garin wanki, da man shafawa, kuma yawancin masu sayen kayanmu 'yan tireda ne na cikin gari da na garuruwan da ke kan hanyar Wudil da Gaya. Wanda yake zagaya waɗannan shagunan, ya karɓo oda, ya raka kaya, ya dawo da kuɗi, shi muke kira mai fita da kaya, wasu kuma su ce maketa. Bara muka nemi sabon mutum a wannan kujera, kuma kafin mu kai ga kiran kowa sai da na yi mako uku ina fama da abu guda: me za mu tambaye su?

Dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi shi ne wanda muka ɗauka kafin nan. Ranar da ya zo, Alhajinmu ya zaro biro daga aljihu ya miƙa masa, ya ce, "To, sayar mini da wannan." Yaron ya gyara zama ya yi ta zuba, har akawunmu ya ajiye lissafinsa yana kallo. Ya yabi biron, ya yabi hannun Alhaji, ya kawo karin magana biyu. Kafin ya fita daga ofis Alhaji ya riga ya ce ya fara ranar Litinin. Watan farko ciniki ya ɗaga, muka ce mun yi dace. A wata na huɗu akawu ya kira ni ya buɗe mini littafin bashi: sama da naira miliyan biyu a hannun shaguna goma sha bakwai, wasu ma babu ko sa hannun mai shagon. Yaron bai ci mana ko kwabo ba, wannan zan shaide shi. Matsalarsa ba ya iya cewa a'a, kuma yana jin kunyar komawa ya ce a biya. Biro bai taɓa neman bashi ba, saboda haka gwajin biro bai nuna mana wannan ba.

Da aka ce a sake nema, sai na je gidan yayata, wadda ta daɗe tana aikin ɗaukar ma'aikata a wata babbar masana'anta. Na tafi da takardar da na rubuta tambayoyi goma sha biyar, yawancinsu waɗanda na tsinta nan da can. Ta karanta tana murmushi, ta ce, "Ƙanena, waɗannan ai ko mai gadi za ka ɗauka za su yi, ko manajan banki. Wacce ce a ciki ta san Wudil?" Ban sami amsa ba. A nan ta yi mini bayanin abin da suke kira intabiyu mai tsari. Ana fitar da tambayoyin daga cikin aikin kansa, a yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya a jere ɗaya, a kuma rubuta yadda amsa mai kyau da maras kyau take tun kafin a ga fuskar kowa, sannan kowane mai sauraro ya ba da makinsa shi kaɗai. Ta ce ba sabon abu ba ne. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata, suka ga intabiyu mai tsari ya fi na hira kawai nuna wanda zai iya aiki, kuma a 2022 Paul Sackett da abokansa sun sake lissafin, shi ne ma ya fito a sahun gaba. Na ce, "Yaya, su waɗannan sun taɓa bin bashin ɗan tireda?" Ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ba za ta ba ni tambayoyinta ba. Aikin gida ta ba ni: in je in samo labaran gaske guda ashirin na ranakun da mai fita da kaya ya kyauta ƙwarai ko ya ɓata ƙwarai, kada in rubuta tambaya ko ɗaya sai na gama.

Wannan matakin ya ci mini kwana tara, kuma shi ne mafi amfani a cikin duk abin da na yi. Na fara da tsohon mai fita da kayanmu, dattijo wanda ya shekara goma sha ɗaya a hanyar. Da na ce masa, "Baba, wane hali ake bukata a aikin nan?" sai ya ce gaskiya da haƙuri, ya yi shiru. Gaskiya ne, amma ba za ka iya auna mutum da shi ba, don kowa zai ce yana da su. Washegari na sauya salo, na bi shi a mota zuwa Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa, ina tambayarsa, "Wace rana ce ka fi shan wuya a shagon nan?" Sai labarai suka ɓalle. Akwai ranar da babban kwastoma ya rantse ba zai ƙara sayen kayanmu ba in ba a sauke masa katan talatin a kan tsohon bashi ba. Akwai ranar da ya ba da farashin jiya alhali an ƙara kuɗi da safe, ya koma ya faɗa wa mai shagon da bakinsa. Akwai shagon da ya yi wata biyu yana zuwa gaisuwa kawai kafin a sayi katan ɗaya. Daga nan na zauna da akawu, na zauna da direba, wanda ya fi kowa ganin abin da ke faruwa a hanya kuma ba a taɓa tambayarsa ba, sannan na tsaya a shaguna huɗu na sha lemo da masu su. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Malam, ni ba zaƙin baki nake so ba. In ya ce Talata, in gan shi Talata."

Labari ashirin da biyu na samu. Na rubuta kowanne a 'yar takarda, na baje su a kan tabarma da daddare, ina haɗa masu kama da juna. Abin da ya fito ya ba ni mamaki duk da cewa a gabana aka yi komai. Takwas a kan bashi ne, bayar da shi ko karɓo shi. Biyar a kan cika alkawari da tsara zagaye. Huɗu a kan kuskuren lissafi ko farashi. Uku a kan faɗin gaskiya bayan an yi ɓarna. Biyu kacal ne suka shafi shawo kan sabon kwastoma, wato abin nan da muke ta gwadawa da biro. Ashe mun shekara muna auna ƙaramin ɓangaren aikin, muna barin babban.

Da wannan na koma wurin Alhaji, kuma a nan aka yi doguwar muhawara. Na kawo tambayoyi ashirin da uku da na fitar daga labaran, na ce so nake mu rage su zuwa shida, don a minti talatin da biyar ba za ka iya bin diddigin fiye da haka ba. Muka fara da yanke waɗanda amsarsu take cikin tambayar. "Kana da riƙon amana?" ta fita, don ban taɓa jin wanda ya ce ba shi da shi ba. "Za ka iya aiki a rana?" ita ma ta bi ta. Sai waɗanda takarda za ta amsa: lasisin tuƙi, shaidar makaranta, inda mutum ya yi aiki. Waɗannan muka mayar da su cikin fom, ba sai an ɓata lokacin zama a kansu ba. Sai tambayar farashin kayanmu da sunayensu, wadda akawu ya so ƙwarai. Na ce wannan mako ɗaya ya isa mutum ya haddace, kuma in muka sa ta, ɗan unguwa da ya saba leƙowa sito zai ci, wanda ya fi shi kai amma daga nesa ya faɗi. Abin da za a iya koyarwa cikin mako bai cancanci kujera a cikin shida ba.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne tambayoyin Alhaji guda biyu. Ta farko, "Ɗan gidan wa ne kai?" ta biyu kuma, "Kana da iyali?" Hujjarsa ita ce mai iyali ba ya gudu da kuɗi, ɗan gidan mutunci kuma akwai inda za a je a same shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wancan da ya bar mana bashin ai ɗan gidan mutunci ne, kuma da matarsa da 'ya'ya biyu." Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce to ai dole dai a san inda za a kama mutum. Na yarda da wannan, muka rabu a kan cewa wanda ya ci zai kawo masu tsaya masa biyu, mu je mu gan su a inda suke, amma ba za a ba kowa maki a kan aure, ko gari, ko ƙabila, ko inda yake salla ba. Ban ɓoye masa ba cewa a Sabon Gari da wasu unguwanni muna da kwastomomin da ba Hausawa ba, kuma in wanda ya fi iya aikin ba Bahaushe ba ne, asararmu ce mu rasa shi. Biron kuwa ya ce ba zai bari ba. Muka daidaita cewa in an gama shidan an rufe maki, yana iya miƙa wa wanda ya ga dama.

A cikin shidan da suka rage, huɗu iri biyu ne, sauran biyun kuma na gwaji da hannu ne. Iri na farko yana tambayar abin da mutum ya taɓa yi, iri na biyu yana sa shi cikin wani hali ya faɗi abin da zai yi. Tambayar da muka sa a gaba ita ce: "Ba mu labarin wani lokaci da wani ya riƙe maka kuɗi, naka ko na maigidanka, har ranar alkawari ta wuce. Nawa ne, me ka yi, yaya aka ƙare?" Ta biyu labarin Baba ce aka juya: "Kana Wudil ranar Juma'a. Kwastoman da ya fi kowa saye a hanyar muna bin sa naira dubu 180, mako uku ke nan. Ya ce ka sauke masa katan talatin, zai haɗa ya biya mako mai zuwa, in ba haka ba akwai wasu da ke jira. Ka kira ofis, waya ba ta shiga. Me za ka yi?" Ta uku a kan wanda ya ƙi saye ne da farko kuma daga baya ya saya. Ta huɗu lissafi, ta biyar tsara zagayen shaguna goma a yini ɗaya, ta shida kuma lokacin da mutum ya yi kuskuren da ya jawo wa wani asara, da abin da ya yi bayan ya gane.

Na ɗauka aiki ya ƙare. Na kira yayata in faɗa mata, ta ce, "Ina ma'aunin?" Tambaya ba tare da ma'auni ba, in ji ta, hira ce da aka sa wa lamba. Sai muka sake zama ni da akawu da Baba, yamma biyu, muna rubuta wa kowace tambaya amsar maki 1, da ta maki 3, da ta maki 5, a bar 2 da 4 ga abin da ya faɗo tsakani. Ta Wudil ce ta fi ba mu aiki, don mu kanmu ba mu yarda da juna ba. Akawu ya ce amsa mafi kyau ita ce a hana kayan, magana ta ƙare. Baba ya ce wanda ya yi haka ya kashe hanyar, don mutumin shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake saukewa a ranar. Bayan an kai an komo muka rubuta haka. Maki 1 ga wanda zai sauke duka talatin saboda kada a rasa kwastoma, ko wanda zai tsaya cacar baki da shi a gaban mutane. Maki 3 ga wanda zai hana cikin ladabi ya ce sai ya ji daga ofis. Maki 5 ga wanda zai ja shi gefe, ya nemi a rage wani abu daga tsohon bashin nan take, ya sayar masa da iya abin da zai biya a hannu ko da katan biyar ne, ya sa a rubuta ranar biyan sauran da sa hannu, sannan ya sanar da ofis da zarar waya ta shiga. A wannan zaman ne na gane cewa kamfaninmu bai taɓa samun rubutacciyar dokar bashi ba. Muna shirin auna baƙi da abin da mu ba mu tsayar ba, kuma wataƙila rabin laifin wancan yaron namu ne.

Ta lissafi ita ce na fi so, kuma ni na ƙirƙiro ta daga wani abu da ya taɓa faruwa. Muka ce a ɗauka katan naira dubu 12 ne, kuma dokarmu ita ce wanda ya ɗauki hamsin ya biya a hannu ana yi masa ragin kashi 2 cikin ɗari. Mai shago ya ce shi bai san wannan ba, a cire masa naira 200 a kowane katan kawai. Me za ka ce masa? Katan hamsin naira dubu 600 ne, ragin kashi 2 ya kama dubu 12, naira 200 sau hamsin kuwa dubu 10 ne. Wato abin da mai shagon ya nema bai ma kai haƙƙinsa ba. Wanda ya ce ba zai iya ba sai ya tambayi ofis, ko ya kasa lissafin, maki 1. Wanda ya lissafa daidai ya amince da 200 ɗin ya ce kamfani ya ci ribar dubu biyu, maki 3. Wanda ya lissafa, ya kuma ce zai faɗa wa mai shagon cewa ragin da ya cancanta ya fi haka, maki 5. Akawu ya ɗan yi tsaki a nan, amma Baba ya ce 'yan tireda suna hira da juna, kuma ranar da mutumin ya ji an yi wa maƙwabcinsa ragin dubu 12, dubu biyun nan za ta ci mana dubu ɗari. Muka bar kowa ya yi amfani da wayarsa wajen lissafin, tunda a hanya ma da ita zai yi. Muka kuma yarda cewa tambayar farko ta bashi za a ninka makinta, jimla ta zama 35.

Kafin ranar, na gwada tambayoyin a kan mutum biyu na cikin gida, direba da wani yaron sito mai kaifin kai. Awa ɗaya da rabi ce kawai, amma ta fitar da aibi uku. A tambayar Wudil na rubuta "duk da ka san doka ta hana," wanda ya sa dukansu suka ce za su hana, don na riga na sa musu amsar a baki. Na goge wannan. Tambaya ta uku ta yi tsawo har direba ya manta farkonta, ashe tambayoyi biyu ne na cusa wuri ɗaya. Na uku kuma shi ya fi muhimmanci: da na ce "a wurin aikinka na baya," yaron sito ya ce shi bai taɓa aikin kamfani ba, ya yi shiru. Da na ce ko a ina ne, sai ya ba ni labarin bashin cajin waya da ya bi wani har wata biyu, labari mai kyau ƙwarai. Daga nan muka ƙara jimla ɗaya da za a karanta wa kowa: ko a shago ne, ko talla, ko sana'ar gida, duk ya halatta. Muka kuma tsayar da tambayoyin bin diddigi guda uku da kowa zai iya yi ba tare da ya fita daga tsari ba: "Kai da kanka me ka yi?", "Sai me ya biyo baya?", da "Wa zai iya shaida wannan?" Na rubuta komai da Hausa da Turanci, mai nema ya zaɓi wanda ya fi sakewa da shi.

Takardun neman aiki arba'in da ɗaya muka samu, muka kira tara, takwas suka zo, ciki har da mace ɗaya da kuma ɗan ƙanwar wani abokin Alhaji. Kuɗin da muka kashe bai taka kara ya karya ba: fotokwafin takardun maki, ruwa da lemo, da naira dubu biyu-biyu na mota ga kowa, don wasu daga Kumbotso da Gezawa suka taso. Mu uku muka zauna, ni da akawu da Alhaji, ni nake karanta tambayoyin. Na farko ya shigo ƙarfe tara. Abin da ban shirya masa ba shi ne nauyin karanta wa mutum tambaya daga takarda kamar mai shari'a. Na ji kamar ina wulaƙanta baƙo. Daga na biyu sai na fara da gaisuwa sosai, in ce masa kowa tambayoyin nan za a yi masa, zai ga muna rubutu kada ya damu, kuma yana iya yin shiru ya yi tunani. Wannan ya sassauta zaman.

Na huɗu shi ne irin wanda da a da ne da tuni an ba shi makullin mota. Muryarsa a sake, takalminsa na ƙyalli. A tambayar bashi ya ce shi duk inda ya yi aiki ba a taɓa riƙe masa kuɗi ba, saboda ya san yadda ake tafiyar da mutane. Na ce ya ba mu misali ɗaya. Ya ce ai suna da yawa. Na ce nawa ne kuɗin, ya ce ya danganta. Sau uku ina tambaya yana ta cewa "mukan yi" da "akan yi," babu rana, babu adadi, babu wanda zai shaida. A nan na koyi alamar da na fi dogara da ita yanzu: wanda abu ya faru da shi yakan tuna ƙananan abubuwa marasa daɗi, wanda yake ƙirƙira kuwa labarinsa sumul yake fitowa. A tambaya ta uku dai ya yi kyau ƙwarai, dukanmu muka ba shi 5, kuma ya cancanta. Na shida kuwa murya ƙasa-ƙasa, har Alhaji ya ce ya ɗaga. Ya ce, "Yallaɓai, dubu arba'in da bakwai ne, na man gyaɗa, na maigidana." Ya faɗi yadda ya daina zuwa da yamma ya koma zuwa da hantsi lokacin da akwai ciniki a aljihun mutumin, yadda ya karɓa kashi huɗu yana rubutawa a bayan rasit, da yadda dubu uku suka maƙale har yau. Da na ce wa zai shaida, ya ba da lambar tsohon maigidan ba tare da jinkiri ba.

Kurakurai biyu muka yi a ranar. Mun zaunar da masu jira a benci ɗaya a ƙofar fita, sai wanda ya gama ya tsaya yana ba su labari. Na bakwai ya amsa lissafin tun kafin in rufe baki. Kuskure na biyu kuma, ba mu huta ba sai azahar, kuma da na duba takardun daga baya na ga rubutunmu a kan na biyar layi biyu ne kawai. Ɗan ƙanwar abokin Alhaji shi ma ya so ya karya tsarin ba da saninsa ba, don Alhaji ya shiga tambayarsa lafiyar mutanen gida har minti biyar. Na bari suka gama, sannan na ce, "Alhaji, a ba ni izini mu shiga ta farko."

Bayan la'asar muka buɗe maki. Dokar ita ce ba wanda zai faɗi ra'ayinsa sai an rubuta lambobin kowa a allo, kuma Alhaji ne na ƙarshe, don in ya riga mu magana ni da akawu mun san inda za mu karkata. Inda bambancinmu ya kai maki biyu, sai a koma ga abin da aka rubuta cewa mutumin ya faɗa, a gwada da ma'auni. Sau biyar haka ta faru, uku a ciki a kan na huɗu. Alhaji ya ba shi 4 a bashi, ni 1, akawu 2. Na ce ya karanta mana abin da ya rubuta. Ya duba takardarsa, ya ce, "Na rubuta 'yana da ƙwarin gwiwa.'" Ya yi dariya da kansa ya mayar da shi 2. A ƙarshe na shida ya tashi da 29, macen da 27, na huɗu da 22, ɗan ƙanwar abokin da 19. Takardar ce ta sauƙaƙa wa Alhaji kiran abokinsa, don yana da abin nunawa. Biron bai fito daga aljihu ba ranar, ban kuma tuna masa ba.

Ba mu tsaya a maki ba. Intabiyu, kome tsarinsa, ba ya kama ɓarawo, kuma tazarar maki biyu tsakanin na ɗaya da ta biyu ba ta kai a ce wani ya fi wani da gaske ba. Mun kira tsofaffin iyayen gidansu duka biyun, na man gyaɗa ya tabbatar da labarin har da dubu ukun. Mun ziyarci masu tsaya masa, muka ba shi gwajin wata uku, da takardar sharuɗɗan aiki a rubuce, wadda Dokar Ƙwadago ta ce a bayar cikin wata uku da fara aiki. A ciki muka sauya abu ɗaya da labaran tabarma suka koya mana: kamasho yanzu a kan kuɗin da ya shigo ake biya, ba a kan kayan da suka fita ba. Macen kuwa mun riƙe lambarta, kuma da aka buɗe zagayen cikin gari ita muka kira ba tare da sabon zama ba.

In wani zai bi wannan hanyar, abin da zan ce ya fi ba lokaci shi ne tattara labarai da rubuta ma'auni, don tambayoyin kansu a yamma ɗaya suke fitowa in waɗannan sun samu. Kada kuma ya kwafi shidan nan yadda suke. Mai sayar da kayan sola ko maganin asibiti, wanda cinikinsa ɗaya kan ɗauki wata guda kuma ba ya bin bashin mako-mako, labaransa za su karkata wani wajen, tambayoyinsa su bi su. Ya kuma ajiye takardun makin, don suna da amfani bayan ɗauka. Namu mutumin maki 2 ya samu a tambayar sabon kwastoma, kuma haka ya fito a aiki: bashin hanyarsa ya sauka sosai, amma a wata uku shago biyu kawai ya ƙara. Da yake mun sani tun farko, muka haɗa shi da Baba duk ranar Laraba suna shiga shagunan da ba su san mu ba.

Tambaya ta biyar, ta tsara zagaye, ita ce ta ba ni kunya. Da na jera makin mutum takwas, kowa 3 ko 4 ya samu, ba ta raba kowa da kowa ba, minti shida kawai ta ci a kowane zama. Na cire ta. Wadda za ta maye gurbinta tana cikin littafina, daga abin da direba ya ba ni labari makon jiya: an sauke katan goma sha biyu a Gaya, mai shago ya buɗe ya ga uku sun jiƙe, ya ce ko a kwashe duka ko a rage rabin kuɗin, kuma sauran shaguna shida suna jira kafin magariba. Ma'auninta ne ba mu gama ba, don akawu da Baba har yanzu ba su daidaita a kan amsar maki 5 ba.